Wa Yake Ji, Me Yake Dawowa, Me Ya Kayar da Jarumi: Fashin Baƙi Kan Kalmomin Adabi a Tambayoyin Jarrabawa

Takarda ta farko ta adabin Turanci a jarrabawar WAEC tambayoyi 50 ce na zaɓi, kuma da yawa daga cikinsu a kan keɓaɓɓun kalmomin adabi suke tsayawa. Ɗalibai sukan haddace ma'anonin kalmomin nan tsaf, amma su faɗi, domin mai tambaya ba kasafai yake neman a kawo masa ma'ana ba. Yanko maka zai yi wani guntun wasa ko 'yan layukan waƙa, ya jera amsoshi huɗu masu kama da juna, ya ce ka nuna wanne ne a gabanka. A nan hadda ba ta fitar da mutum. Abin da ke fitarwa shi ne sanin tambaya guda da za ka yi wa guntun, wadda amsarta ke raba kalmar da 'yan'uwanta. Zan bi kalmomi huɗu da aka fi rikitawa, in riƙe wasa ɗaya a matsayin misali, wato Othello na Shakespeare, wanda aka rubuta wajen 1603 zuwa 1604. Na zaɓe shi ne domin kusan duk abin da za mu tattauna yana cikinsa, har da waƙa mai amshi.

Mu fara da magana a kan dandamali. Iri uku ne ake haɗawa a tambaya ɗaya: zancen zuci, wanda Turawa ke kira solilokwi, da dogon jawabi, wato monolog, da kuma maganar gefe. Yawancin ɗalibai tsawon maganar suke dubawa, da sun ga mutum ɗaya ya yi ta zuba layuka talatin sai su ce zancen zuci ne. Tsawo ba shi ne ma'auni ba. Tambayar ita ce: a cikin 'yan wasan, wa yake jin wannan magana?

Dubi kashi na ɗaya, fitowa ta uku. Brabantio, mahaifin Desdemona, ya kai ƙarar Othello gaban shugaban birnin Venice da dattawan majalisa, yana cewa asiri aka yi wa 'yarsa har ta auri wannan baƙon janar a ɓoye. Othello ya tashi ya kare kansa da dogon bayani. Ya ce uban da kansa yakan gayyace shi gida ya sa shi ba da labarin rayuwarsa, yaƙe-yaƙen da ya yi, da yadda aka kama shi aka sayar bawa, da yadda aka fanshe shi, da ƙasashen da ya ratsa. Yarinya tana saurare har tausayi ya zama so. Shi kaɗai yake magana, ba wanda ya katse shi, amma majalisa cike take kuma da su yake. Shaidar ma tana biye: yana rufe baki shugaban birnin ya ce irin wannan labari ko 'yarsa ce zai iya sace zuciyarta. An ji, an amsa. Wannan dogon jawabi ne.

A ƙarshen fitowar nan dai, kowa ya watse, saura Iago, sojan da ke riƙe wa Othello tuta, da Roderigo, wani saurayi mai son Desdemona. Iago ya gama lallashin Roderigo ya tara kuɗi ya bi su tsibirin Cyprus, inda aka tura Othello yaƙi, Roderigo ya fita. Daga nan Iago ya rage shi kaɗai, sai harshensa ya canja. Ya ce wawan da ya fita yanzu jakar kuɗinsa ce kawai. Ya ce ya tsani Othello, kuma ana raɗe-raɗin Othello ya taɓa Emilia, matar shi Iago. Bai san ko gaskiya ne ba, amma zai ɗauka kamar tabbas ne. Muna kallo yana saƙa makirci a gabanmu, yana tambayar kansa ta yaya, har ya faɗo kan Cassio, kyakkyawan saurayin da aka ba muƙamin da shi Iago yake so. Babu ɗan wasa ko ɗaya da ya ji wannan, 'yan kallo kaɗai. Wannan shi ne zancen zuci. A takarda, alamarsa ta farko tana cikin ɗan umarnin da marubuci yake sakawa kafin maganar, inda za a ce wane ya fita, ko duk sun fita sai wane. Ɗalibin da yake tsallake waɗannan ƙananan umarni yana jefar da rabin amsa.

Maganar gefe kuwa ana yin ta ne mutane na tsaye. A kashi na biyu, fitowa ta ɗaya, suna bakin teku a Cyprus suna jiran jirgin Othello. Cassio ya kama hannun Desdemona cikin ladabin fada suna hira. Iago yana tsaye daf da su, sai ya juya ya ce da 'yar wannan yanar gizo zai kama ƙaton ƙuda kamar Cassio. Su biyun suna wurin, idonsu biyu, amma ƙa'idar wasa ta ce ba su ji ba, shi ya sa hirarsu ta ci gaba kamar ba a ce komai ba. Maganar gefe takan zama gajera, domin ba zai yiwu a bar sauran 'yan wasa a sandare na tsawon lokaci ba.

Akwai wuri ɗaya da ke tuntuɓe da masu hadda, kuma ina son a tsaya a kansa. Ma'anar da aka fi koyarwa ita ce zancen zuci maganar mutum ce yana shi kaɗai a dandamali. To a farkon fitowar ƙarshe ta wasan, Othello ya shigo ɗakin barci da fitila a hannu, Desdemona tana kwance tana barci. Ya tsaya a kanta yana magana da ransa, yana cewa fitila in ya kashe ta zai iya sake kunnawa, amma hasken ran wannan mace in ya ɗauke shi bai san inda zai samo wutar da za ta maido shi ba. Mutum biyu ne a dandamali. Duk da haka zancen zuci ne, domin mai barci ba ta ji, kuma ba yana ɓoye maganar daga wasu masu ido biyu ba ne. Da ta farka ta tambayi ko waye, zancen zuci ya ƙare, an koma musayar magana. Wanda ya riƙe ma'aunin ji zai ci wannan tambaya, wanda ya riƙe ƙidayar kawuna zai rasa ta.

A takardar da ake rubuta dogon bayani, ba za a tsaya ga sunan abin ba, za a tambayi amfaninsa. Amfanin zancen zucin Iago shi ne ya sa mu cikin sirri. Daga ƙarshen kashi na ɗaya mun riga mun san abin da Othello bai sani ba, saboda haka duk lokacin da ya kira Iago mai gaskiya, kuma sau da yawa yana kiransa haka, sai gabanmu ya faɗi. Sai dai kada a ɗauka duk abin da aka faɗa a zancen zuci gaskiya ne tsagwaronta. Mai maganar ba ya yaudarar wani ɗan wasa, tunda babu mai ji, amma yana iya yaudarar kansa. Iago ya gaya wa Roderigo tun farko cewa hana shi muƙami ne ya ɓata masa rai. A zancen zucinsa na farko ya kawo zargin matarsa. A na kashi na biyu ya ƙara da zargin Cassio ma da Emilia, har ya ce shi ma yana son Desdemona. Dalilai suna ta sauyawa, ƙiyayya tana nan daram. Ɗalibin da ya lura da wannan ya rubuta shi, ya wuce sa'o'insa.

Zancen zucin Iago na farko ya rufe da layuka biyu da ƙarshensu ya yi amo ɗaya, abin da Shakespeare yakan yi don sanar da 'yan kallo cewa fitowa ta ƙare. Wannan ya kawo mu ga baiti.

Baiti, wato sitanza, rukunin layuka ne da aka ware da fili a sama da ƙasa. Kowane layi a nazarin waƙar Hausa ɗango ne, kuma Bahaushen ɗalibi yana da riba a nan, don ya riga ya san ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu da ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango biyu har zuwa mai biyar. Turanci ma da yawan layuka yake raɗa wa baiti suna, kuma waɗanda suka fi fitowa su ne mai biyu, mai huɗu, mai shida da mai takwas. Dalilin fitowar waɗannan shi ne sonet, waƙa mai layi 14. Irin ta Shakespeare takan kasu huɗu, huɗu, huɗu, sannan biyu. Irin ta Petrarch, mawaƙin Italiya, takan kasu takwas da shida. Sau da yawa ana buga sonet a dunƙule ba fili a tsakani, don haka sai ka bi amsa-amo kafin ka ga gaɓoɓinta. Ka ba ƙarshen layin farko harafin a, duk layin da ya yi amo da shi ka ba shi a, sabon amo ka ba shi b, haka har ƙarshe. In ka samu abab cdcd efef gg, ta Shakespeare ce. In takwas ɗin farko sun ba ka abbaabba, ta Petrarch ce. Da kunne ake wannan aiki, domin a Turanci kalmomi biyu suna iya kama a rubuce su saɓa a furuci.

Ribar Bahaushe tana da tarko a cikinta. Ga wasu baitoci da na tsara don misali:

Hadari ya taso daga gabas,
Kowa ya fito da tasa garma.
Mu tashi, gari ya waye.

Wanda ya yi barci da damina,
Da rani shi zai rasa girma.
Mu tashi, gari ya waye.

Ga gero, ga dawa, ga maiwa,
Duk albarkar mai son noma.
Mu tashi, gari ya waye.

Ka ajiye layi na uku a gefe tukuna, ka dubi biyun farko na kowane baiti. Gabas da garma ba su yi amo ɗaya ba, damina da girma ma gaɓarsu ta ƙarshe daban. Amon yana tafiya ne daga baiti zuwa baiti: garma, girma, noma. Wannan shi ne babban amsa-amo, wanda rubutacciyar waƙar Hausa ta gada daga tsarin ƙasidar Larabci, gaɓa ɗaya tana riƙe ƙarshen kowane baiti daga farkon waƙa har ƙarshenta. A ƙwar biyar ma haka ne, ɗango huɗu na farko su yi ƙaramin amsa-amo a tsakaninsu, na biyar ya koma kan babban. Mai layi biyu na Turanci ba haka yake ba. Layukan biyu da junansu suke amo, sai biyu na gaba su ɗauko sabon amo, aa bb cc. Saboda haka in aka tambaye ka ko wasu layuka biyu na waƙar Turanci tagwaye ne masu amo, junansu za ka gwada, kada ka je nema a baiti na gaba.

Yanzu layin da muka ajiye. Mu tashi, gari ya waye: ya dawo sau uku, kalmominsa ba su canja ba, kuma a wuri ɗaya yake dawowa, ƙarshen baiti. Wannan shi ne amshi. Sharuɗɗansa ke nan, layi ko yankin layi ya riƙa dawowa, a gurbi sananne, bayan tazara mai tsari. Gwada shi da layin ga gero, ga dawa, ga maiwa. Kalmar ga ta zo sau uku, amma a cikin ɗango ɗaya, kuma ba ta sake dawowa a sauran baitoci ba. Wannan maimaici ne kawai. Kowane amshi maimaici ne, amma ba kowane maimaici ne amshi ba, kuma mai tambaya yakan saka su biyun a cikin zaɓi. In sharuɗɗan amshi sun cika, shi za ka zaɓa, domin ya fi kusa da abin da ke gabanka.

Mu da muka tashi da waƙar baka, da an ce amshi sai mu hango makaɗi a gaba da 'yan amshinsa a baya suna karɓa masa. A rubutacciyar waƙa ba a bukatar murya ta biyu, mawaƙin da ya faɗi baiti shi ne mai faɗin amshi. Kuma kada a haɗa shi da koros na wasannin Girka na dā, wanda ƙungiyar 'yan wasa ce, kamar dattawan gari, da ke tsayawa suna sharhi a kan abin da ke faruwa. Koros a tambayar wasan kwaikwayo mutane ne, amshi a tambayar waƙa layi ne.

Aikin amshi ya fito fili a kashi na huɗu, fitowa ta uku. Desdemona tana shirin kwanciya, Emilia tana taya ta cire kaya, sai ta tuna wata baiwar mahaifiyarta mai suna Barbary, wadda masoyinta ya guje ta, ta mutu tana rera wata tsohuwar waƙa. Desdemona ta ce waƙar ta ƙi fita daga ranta a daren nan, ta kama rerawa. Amshin waƙar sunan wani itace ne, wilo, mai rassa a sunkuye, wanda Turawan zamanin suka ɗauka alamar masoyin da aka yasar. Tana rerawa tana katsewa, ta ce a ajiye kayan can, ta tambaya ko ƙofa ake bugawa, sannan ta koma kan amshin. Duk dawowarsa nauyinsa ƙaruwa yake yi, domin mun san umarnin da mijinta ya ba ta na ta sallami Emilia ta jira shi. Kalmomin amshi ba sa canjawa, abin da ke kewaye da su ne yake canja ma'anarsu, kuma wannan ne ake so ka nuna in an tambaye ka tasirinsa.

Kalma ta huɗu ta fi sauran zurfi. A wasan tirajedi, wato wasan da ke nuna faɗuwar babban mutum, ana tambayar aibin da ya kayar da jarumi. Asalin maganar daga Aristotle ne, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, a littafinsa kan fasahar waƙa da wasa. Ya ce jarumin da faɗuwarsa za ta sa tsoro da tausayi bai kamata ya zama salihi tsantsa ba, bai kuma kamata ya zama mugu ba. Mutum ne mai daraja da ya faɗi saboda hamartiya, wato kuskure ko saɓa saiti. Manazartan da suka zo daga baya ne suka fi karkata shi zuwa wani rauni da ke cikin halin jarumin, kuma da wannan ma'ana ta biyu jarrabawa take aiki.

Kuskuren ɗalibai a nan iri uku ne, kuma duka daga rashin tambayar ina abin yake zaune. Wani zai ce Iago ne aibin Othello. Iago maƙiyi ne, a waje yake. Wani zai ce hankici ne, wanda Desdemona ta yar, Emilia ta tsinta ta ba mijinta, shi kuma ya jefa a masaukin Cassio. Hankici makami ne a hannun makirci. Na uku zai ce kisan Desdemona, alhali wannan sakamako ne. Aibin yana cikin jarumin kansa, yana nan tun kafin masifa ta zo, kuma shi ne ya sa ya zaɓi abin da ya zaɓa. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka cire halin ka gani: in da wani mutum ne marar wannan hali aka kawo wa labarin nan, da makircin ya ci?

A tambayar zaɓi, amsar da ake nema game da Othello kishi ce, kuma ita za ka zaɓa. Amma a dogon bayani ina ganin wanda ya tsaya ga kishi kaɗai ya bar maki a ƙasa. Wasan da kansa yana ja da wannan amsa. Desdemona ta gaya wa Emilia mijinta ba mai kishi ba ne, kuma a jawabinsa na ƙarshe Othello ya ce shi ba mai saurin kishi ba ne, sai da aka juya shi ya ruɗe matuƙa. Ba dole mu yarda da shaidar mutum a kan kansa ba, amma ga shaidar maƙiyinsa: tun a zancen zuci na farko Iago ya ce Othello mutum ne mai buɗaɗɗiyar zuciya, wanda duk ya yi kama da mai gaskiya sai ya ɗauke shi mai gaskiya. A nan ƙofar take. Ƙara da halin soja na yanke hukunci nan take. A kashi na uku, fitowa ta uku, Othello ya fara da cewa ba zai yi zargi ba sai ya gani da idonsa, amma kafin fitowar ta ƙare ya durƙusa ya rantse zai ɗau fansa, alhali abin da aka ba shi mafarki ne da aka ce Cassio ya yi, da labarin an ga hankici a hannunsa. A tsakiyar fitowar kuma, da ya rage shi kaɗai, ya fara lissafin abin da zai sa matarsa ta guje shi: baƙar fatarsa, da rashin iya zancen 'yan fada, da shekarun da suka fara ja. Yarda da mutane da saurin zartarwa su ne suka mai da shi janar ɗin da Venice take taƙama da shi, kuma su ne Iago ya kama ya juya. Shi ya sa muke tausayinsa maimakon mu tsane shi kawai, kuma wannan tausayi shi ne abin da Aristotle yake nema.

Haka abin yake ga Odewale a wasan The Gods Are Not to Blame, da Ola Rotimi ya gina a kan labarin Oedipus na Girkawan dā, wanda aka fara nunawa a 1968. An yi duba tun yana jariri cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, don haka ɗalibai sukan rubuta ƙaddara a matsayin aibinsa. Ƙaddara daga waje take, kamar Iago. Abin da ke cikinsa zafin zuciya ne, wanda ya sa ya sari dattijon da ya yi wa harshen ƙabilarsa ba'a a rikicin gona, bai san mahaifinsa ba ne.

Sannan ba duk wanda ya mutu a tirajedi ne yake da irin wannan aibi ba. Desdemona ta mutu, Emilia ta mutu a hannun mijinta bayan ta tona asirin hankicin, Roderigo ma ya mutu, amma tambayar aibi a kan jarumi take. In ta zo a dogon bayani, ka fara da faɗin halin a jimla ɗaya, ka nuna inda ya bayyana kafin rikici, wato shaidar Iago a kashi na ɗaya, ka nuna inda ya sa jarumi ya yanke mummunan hukunci, wato rantsuwar kashi na uku, sannan ka kai shi ɗakin barci a kashi na biyar, inda Othello ya gane gaskiya daga bakin Emilia ya soke kansa. Kowane mataki ka ambaci kashi da fitowa da wanda ya yi maganar, domin a kan waɗannan mai duba takarda yake ɗora alƙalaminsa.